Batirin da ya daɗe babu caji: a farfaɗo da shi, a saya masa disalfeta, ko a haƙura?

Batirin dalma, irin na mota da na inbata da na sola, zama babu caji ya fi aiki saurin kashe shi. Mai shago ya rufe ya yi tafiyar wata uku. An jingine tarakta bayan girbi sai wata damina. Inbata ta ƙone, an bar batura a ƙasa ana jiran kuɗin gyara. Ranar da aka waiwaye su sai a ga abin mamaki: an jona caja, cikin minti ashirin ta nuna batir ya cika, an kunna fanka ɗaya, kafin a sha shayi ya mutu.

Daga nan shawarwari suke fara zuwa. Mai cajin batir na bakin titi zai ce a kawo ya zubar da ruwan ya zuba sabon asid. Wani zai nuna maka ƙaramar na'ura mai wayoyi biyu, ja da baƙi, da ake kira disalfeta, ya ce tana mayar da mataccen batir sabo. Mai haɗa sola zai ce a yi masa dogon caji. Mai sayar da batir kuma ka san abin da zai ce. Kowace hanya tana cin kuɗi ko lokaci, kuma ba a iya zaɓa tsakaninsu sai an san abin da ya faru a cikin akwatin.

A cikin batir mai bolt 12 akwai sel shida, kowanne da farantai iri biyu a tsome cikin asid da aka sirka da ruwa. Farantin negetib dalma ce zalla mai laushi da ƙananan ramuka, na fozitib kuma dalma ce da ta haɗu da iskar oksijin. Idan batir yana ba da wuta, asid yana barin ruwan yana shiga farantan biyu, ya zama wani farin gishiri da ake kira salfet ɗin dalma. Ga yadda masana suke rubuta shi:

```
Pb + PbO2 + 2H2SO4  →  2PbSO4 + 2H2O
```

Caji shi ne mayar da wannan baya: gishirin ya narke, dalma ta koma mazauninta, asid ya dawo cikin ruwa. Wato salfet ba cuta ba ne a kan kansa. Duk daren da ka yi amfani da inbata ana yin sa, duk ranar da batir ya cika ana warware shi, kuma haka wannan batir yake aiki tun da Gaston Planté ya ƙirƙiro shi a Faransa a 1859.

Matsalar tana farawa ne idan aka bar gishirin ya zauna. Sabon salfet ƙwayoyinsa ƙanana ne ƙwarai, kuma kowace ƙwaya tana manne da ƙarfen da wuta ke bi. Amma salfet yana ɗan narkewa a cikin ruwan batir, kuma ya fi narkewa idan asid ya yi rauni, wato daidai lokacin da batir yake babu caji. Ƙananan ƙwayoyi su ne suke fara narkewa, abin da ya narke kuma ba ya komawa inda ya fito, sai ya je ya hau kan manya. Zafin rana ya narkar, sanyin dare ya daskarar. Kwana da kwanaki ana haka, ƙanana suna ƙarewa, manya suna ƙara girma da tauri.

Me ya sa girman ƙwaya yake da wannan tasiri? Domin caji ba ya iya taɓa salfet sai ya narke tukuna, narkewa kuma daga bayan ƙwaya take farawa. Ka zuba cokalin garin sukari a koko, nan take ya ɓace. Ka jefa dunƙulen mazarƙwaila mai nauyi ɗaya da shi, za ka jima kana juyawa. Ga shi kuma salfet ba ya bari wuta ta ratsa shi. Idan ya lulluɓe faranti, ya toshe ramukan da asid ke shiga, wutar caja ba ta samun hanya. Wannan shi ne dalilin da caja take cewa batir ya cika da wuri: boltej ya yi tsalle zuwa 14.4V ba don batir ya ƙoshi ba, sai don ya ƙi karɓa.

Har zuwa nan akwai sauran magani, domin babbar ƙwaya ma tana narkewa idan an ba ta lokaci. Inda abin ya zama na dindindin shi ne lokacin da jikin farantin kansa ya lalace. Salfet ya fi dalmar da aka yi shi da ita cin wuri, a farantin negetib ya ninka ta fiye da sau biyu da rabi. Idan ya kumbura a cikin ramuka, yana tsattsage abin da aka shafe farantin da shi, yana raba shi da ragar ƙarfen da ke riƙe da shi. Wani ɓangare ya zube ƙasan akwati ya zama laka. Wani ya tsaya a wurinsa amma ba ya taɓa ƙarfe, wuta ba za ta sake isa gare shi ba. Akwai kuma wata ɓarna mafi muni: idan batir ya sauka ƙasa sosai har ruwansa ya kusa zama ruwa zalla, narkakkiyar dalma tana shiga cikin takardar da ta raba farantai, ranar da aka jona caji sai ta zama siririn zaren ƙarfe ta haɗa fozitib da negetib. Wannan sel ya tafi ke nan. Babu caja, babu na'ura, babu hoda da za ta ɗebo laka daga ƙasa ta mayar da ita jikin faranti, ko ta cire zaren da ya riga ya huda takarda.

Babu wata rana guda da za a nuna a ce daga yau ya zama na dindindin. Abin yana tafiya ne a hankali. Batirin da ya kwana ɗaya ko biyu babu caji, caji na yau da kullum ya ishe shi. Wanda ya yi makonni yana bukatar dogon caji, kuma yawanci yana dawowa da ɗan rashi. Wanda ya yi watanni, wani kaso ya tafi ke nan, tambayar kawai ita ce nawa. Zafi kuma yana gaggauta komai. Ƙa'idar da masu batir suka daɗe suna aiki da ita ita ce duk ƙarin digiri 10 yana ninka saurin zubewar caji da saurin lalacewa. Alƙaluman da ke jikin takardar batir an auna su ne a digiri 25 ko kusa da haka. Ɗakin kwano a Sakkwato ko Damagaram a watan Afrilu yana wuce 40. Wata uku a can ba ɗaya ba ne da wata uku a Jos.

Kafin a kashe ko sisi

Duk wanda ya zaɓi magani bai auna ba, caca yake yi, domin ba kowane mataccen batir ne salfet ya kashe ba. A ƙasa mai zafi, bushewar ruwa da tsatsar ragar farantin fozitib suna kashe batura da yawa, kuma ba ruwansu da salfet. Kayan awo uku ne, duka masu araha: mita ta auna boltej, haidiromita ta auna nauyin ruwan batir, da fitilar gaban mota.

Mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki. Gida yana da inbata mai bolt 24 da batura biyu na tubula, kowanne 200Ah, masu murfin zuba ruwa. Mai gida ya yi tafiyar wata uku daga watan Maris, ya kashe wutar gida daga mita, amma ya manta inbata a kunne. Ko babu abin da aka jona mata, inbata irin wannan tana iya jan kusan amfiya ɗaya don kanta. Amfiya ɗaya a kan 200Ah awa 200 ne, kwana takwas da 'yan awoyi. Wato tun sati na biyu batura suka ƙare, sauran wata biyu da rabi a bushe suka yi shi cikin zafin bazara.

Da farko a raba su, a auna kowanne shi kaɗai. Lafiyayyen batir da ya cika ya huta 'yan awoyi yana nuna 12.6V zuwa 12.7V. Idan ya nuna 12.2V rabi ne, 12.0V kusan rubu'i ya rage. A misalinmu na farko ya nuna 11.6V, haidiromita kuma ta nuna kusan 1.10 a duk sel shida. Na biyu ya nuna 9.7V, sel biyar suna 1.10, ɗaya yana 1.04, ruwansa kuma ya yi duhu-duhu. Kada a yanke hukunci tukuna. A duba ruwa, idan farantai sun fito fili a ƙara ruwan batir, wato tataccen ruwa, daidai yadda zai rufe su kawai, ba a cika ba. Sannan a yi wa kowanne caji na yau da kullum har 14.4V.

Yawancin cajojin zamani ba sa yarda su fara idan boltej ya yi ƙasa sosai, sai su nuna kamar ba a jona komai ba. A nan tsohuwar caja mai taransifoma ta fi amfani, ko a haɗa batirin da wani lafiyayye, ja da ja, baƙi da baƙi, na ɗan lokaci ana tsaye a kai, har cajar ta gane shi.

Bayan caji da hutun dare, na biyu ya tsaya a kusan 10.5V, kuma lokacin caji sel biyar suna tafasa da ƙananan kumfa, na shidan shiru. Wannan ita ce alamar sel da ya haɗe: bolt biyu sun ɓace cif. Maganarsa ta ƙare a nan, ko da wace na'ura aka zo. Na farko kuwa ya tsaya a 12.1V, ruwansa ya hau zuwa 1.17 a duk sel, alhali tubula da ya cika yakan kai wajen 1.24 zuwa 1.26, gwargwadon abin da kamfaninsa ya rubuta. Sel shida sun yi ƙasa tare, sun ƙi hawa tare: wannan ne hoton salfet. Asid ɗin da ya ɓace daga ruwa yana nan daskare a jikin farantai.

Saura awo na ƙarshe, wanda shi ne gaskiyar batir. A jona fitilun gaban mota biyu masu wat 55, tare suna jan kusan amfiya 9, a duba agogo, a tsaya idan mita ta nuna 10.5V. A ce ya yi awa 6. Shida sau tara 54Ah ke nan, ɗan sama da rubu'in abin da aka rubuta a jikinsa. A rubuta wannan lamba a ajiye, a mayar da shi caji nan take. Duk wata hanya da za a gwada daga baya, da wannan lamba za a yi mata hisabi, ba da boltej ba. Boltej yana da saurin yaudara: batirin da bai iya riƙe fanka awa ɗaya ba yana iya nuna 12.8V idan an cire shi daga caja yanzu-yanzu.

Dogon caji a hankali

Wannan ita ce hanyar da ni nake fara ba kowa, domin ita ce ta dace da yadda cutar take. Manyan ƙwayoyi suna narkewa a hankali, saboda haka a ba su wuta kaɗan na dogon lokaci. Ga batirin 200Ah, amfiya 4 zuwa 5 ya isa, a bar boltej ya hau a hankali har 15.5V ko 16V. Ana bukatar caja da ake iya saita mata amfiya, ko inbata ko kwantirolar sola mai saitin `Equalize`, wanda shi ma wannan aikin yake yi na 'yan awoyi.

Akwai abin da za ka gani da idonka idan aikin yana ci. Da farko boltej yana tsalle sama, amfiya kaɗan ke shiga. Bayan wasu awoyi sai boltej ya sauko da kansa, batir ya fara karɓa. Wanda bai sani ba zai ɗauka lalacewa ce, alhali hanya ce ta fara buɗewa. Daga nan zai sake hawa a hankali. A riƙa auna ruwan kowane sel ana rubutawa, da farko bayan 'yan awoyi, idan an kusa ƙarshe kowace awa. Muddin lambar tana hawa, salfet yana narkewa, a ci gaba. Idan awo uku a jere suka ba da lamba ɗaya, an kai iyaka. Ƙarin caji bayan nan ruwa kawai yake ƙonawa yana cin ragar fozitib.

Sharuɗɗan ba na wasa ba ne. A cire batir daga inbata da duk wani kaya, domin bolt 16 yana iya ƙona su. A sassauta murafu, a yi aikin a inuwa inda iska ke wucewa, domin kumfan nan haidirojin ne, kuma idan ya kai kashi 4 cikin ɗari na iskar ɗaki tartsatsi ɗaya ya isa. Ba sigari, ba walda a kusa, a kashe caja daga bango kafin a cire wayoyi. A kare ido. A riƙa taɓa jikin akwatin: idan ya wuce ɗumi ya kai zafi, wajen digiri 45 zuwa 50, a tsaya ya huce. A lokacin bazara gara a yi da dare da safiya a huta da rana.

A misalinmu, a ce cikin kwana uku ruwan ya tashi daga 1.17 zuwa 1.19, zuwa 1.21, ya tsaya a nan. An sake gwajin fitila, ya yi awa 14, wato 126Ah. Ya ninka abin da yake da shi fiye da sau biyu, kuma kuɗin wuta kawai aka kashe. Amma a lura da abin da bai dawo ba. Tazarar da ke tsakanin 1.21 da 1.25 ita ce salfet ɗin da ya rabu da ƙarfe ko ya zube. Masu ƙera batir suna ɗaukar batir ya gama rayuwarsa idan ya sauka ƙasa da kashi 80 cikin ɗari, wato 160Ah a nan. Namu yana kashi 63. Zai riƙe fitilu da fanka da cajin waya, amma ba zai koma ɗaukar firiji har asuba ba.

Duk wannan na batir mai murfin zuba ruwa ne. Wanda aka rufe ruf, AGM ko jel, ba a kai shi bolt 16 sai idan takardar kamfaninsa ta ba da izini da adadin awoyi, domin ruwan da ya fita ta bawul ba shi da hanyar komawa. Abin da za a iya yi masa shi ne a riƙe shi a boltej ɗin cajinsa na yau da kullum, wajen 14.4V ga AGM, ƙasa da haka kaɗan ga jel, na tsawon yini da ƙaramin amfiya. Idan ya yi zafi ko cikinsa ya kumbura, a bar shi.

To, disalfeta fa?

Abubuwa biyu ne ake sayarwa da wannan suna, kuma bai kamata a yi musu kuɗin goro ba.

Na farko caja ce sosai da ake jonawa a bango, mai maɓalli da aka rubuta `Repair` ko `Recond`. Idan ka sa mita a kanta tana aiki, za ka ga mafi yawan abin da take yi shi ne ɗaga boltej zuwa wajen 15.8V ko sama da haka kaɗan da ƙaramin amfiya na wasu awoyi, wasu suna haɗawa da bugun wuta a farko. Wato dogon cajin nan ne aka sa masa agogo da kariya. Tana aiki gwargwadon yadda dogon caji yake aiki, ba ta wuce shi. Kumfan da take tayarwa kuma yana gauraya ruwan, domin a dogayen batura asid mai nauyi yakan kwanta a ƙasa ya bar ruwa-ruwa a sama. Ga mai mota ko mai janareto da ba ya son zama da haidiromita, sayenta ba asara ba ne, tun da ko ba komai ya samu caja mai kyau. Sai dai yawancinsu an yi su ne don batirin mota mai 45Ah zuwa 100Ah. A kan tubula mai 200Ah agogonta yakan ƙare aikin bai yi nisa ba, sai an maimaita.

Na biyu ita ce ƙaramar na'urar da ake maƙalawa a kan batir a bar ta, ba ta da wayar bango. Tana jan wuta daga batirin, ta tara, ta mayar masa da ita a matsayin gajeren bugu mai tsini sau dubbai a cikin daƙiƙa. Masu tallarta suna cewa bugun yana girgiza ƙwayoyin salfet daidai da kaɗawarsu har su farfashe. Wannan bayani bai samu tabbaci daga gwaji mai zaman kansa da masana batir suka yarda da shi ba, kuma akwai lissafi mai sauƙi da yake tsaye a gabansa. Mayar da salfet dalma yana bukatar wuta daidai da wadda aka cire lokacin da aka yi shi. Idan 100Ah na batirinka suna daskare, sai an shigar da aƙalla 100Ah daga waje. Na'urar da ke ci daga jikin batirin ba ta kawo ko ɗaya, ragewa take yi. A ce tana jan miliamfiya 40: kusan 1Ah ke nan a yini, kusan 30Ah a wata. A kan batirin babur ko na ƙaramar mota da aka ajiye babu caja, wannan kaɗai ya isa ya jawo cutar da aka saye ta don ta hana. Wasu suna kashe kansu idan boltej ya sauka, wanda ke nufin a kan mataccen batir ma ba za su tashi ba.

To me ya sa mutane suke rantsuwa cewa ta yi musu aiki? Ba ƙarya suke yi ba. Takardar na'urar da kanta takan ce a haɗa ta da caja a bar su sati biyu zuwa wata. Batirin da ya yi wata guda a kan caja zai farfaɗo gwargwadon abin da ya rage masa, da na'ura ko babu. An ba shi magani biyu tare, aka yaba wa wanda aka biya kuɗi. Sannan mafi yawan shaidar boltej ce, ba gwajin fitila ba. Ban ce bugun wuta ba shi da wani tasiri ko kaɗan ba. An yi bincike a kan caji mai bugu, kuma akwai cajoji masu kyau da ke amfani da shi. Abin da nake cewa shi ne babu dalilin tsammanin zai narkar da abin da dogon caji ya kasa, kuma tabbas ba zai gyara sel da ya haɗe ko farantin da ya zube ba. Wanda yake da batura biyu masu ciwo iri ɗaya yana iya raba gardama da kansa: a yi wa duka biyun gwajin fitila, a sa su a caji iri ɗaya na kwanaki ɗaya, ɗaya da na'ura ɗaya babu, a sake gwaji. Idan za a yi, a cire batirin daga mota ko inbata, domin bugun mai tsini ba abokin kayan lantarki masu laushi ba ne.

Canjin asid da hoda

Wannan ce hanyar da ta fi saurin nuna sakamako, kuma ita ce na fi jin takaicinta, domin talaka take cuta. Boltej ɗin sel yana bin ƙarfin asid ɗinsa: ka ƙara 0.84 a kan abin da haidiromita ta nuna, ka samu boltej ɗin sel kusan daidai. Saboda haka idan aka zubar da ruwa mai 1.17 aka zuba mai 1.26, nan take mita za ta nuna 12.6V a gaban mai batir, ya biya ya tafi da murna. Amma salfet yana nan a jikin farantai ko ƙwaya ɗaya bai motsa ba, kuma yanzu ya fi wuyar narkewa tun da asid ya yi ƙarfi. Abin da ya narke daga baya zai ƙara wa ruwan ƙarfi fiye da kima ya ci raga. Kifa batirin da ake yi a zazzage shi kuma yana tayar da lakar ƙasa ta maƙale tsakanin farantai. Ba a ƙara wa batir asid sai idan zubewa ya yi. Abin da ke ƙarewa a cikinsa ruwa ne.

Hodar da ake zubawa a sel ma tsohon zance ne. A Amurka an yi wata mai suna AD-X2, wadda aka gano cakuɗen salfet ɗin sodiyam da na magniziyam ce. Hukumar ma'auni ta ƙasar ta gwada ta ce ba ta da amfani, rigima ta kai ga an nemi shugaban hukumar, Allen Astin, ya sauka a 1953. Masana suka yi ca, aka mayar da shi, kwamitin da aka kafa ya sake duba aikin kuma ya goyi bayan hukumar. Gishirin Epsom da ake ta yaɗawa yau a zuba a batir, ɗaya ne daga cikin waɗannan gishiri biyu.

Yaushe ne sabo ya fi?

Idan sel ɗaya ya haɗe, ko akwati ya kumbura ko ya tsage, ko bayan dogon caji sel ɗaya ya bambanta da 'yan'uwansa da 0.05 ko fiye, ko batirin ya riga ya yi shekarunsa kafin a bar shi, kada a ɓata wuta. Wanda ya cancanci wahala shi ne batir mai ƙuruciya, mai murfin ruwa, da tsautsayi ɗaya ya same shi.

A misalinmu an tsira da ɗaya an rasa ɗaya, kuma a nan ne mutane suke yin kuskure mai tsada: su sayo sabo ɗaya su jera shi da tsohon don su cika bolt 24. A jere wuta ɗaya ce take ratsa su duka. Mai 126Ah zai riga ƙarewa kowane dare ya sauka ƙasa fiye da kima, inbata ta ɗauke alhali sabon yana da saura, wajen caji kuma ba za su cika tare ba. Gara a sayi biyu sababbi, tsohon a ba shi aikin bolt 12 shi kaɗai. Mai hali yana iya komawa batirin litiyam irin LiFePO4, wanda ba ya yin salfet kuma bai damu da zama rabin caji ba, amma sai an tabbatar inbata da kwantirola suna da saitinsa.

Sabon ma a auna shi a shago kafin a biya. Batir yana zubar da caji ko a cikin kwali yake, kuma wanda ya yi watanni a sito mai zafi ya fara ciwon tun bai ga gida ba. A duba ranar ƙira, a sa mita: ƙasa da 12.4V a nemi wani. Sannan a duba ko gidan yana iya ciyar da shi. Batura biyu na 200Ah da ake cin rabinsu kowane dare sun ba da wajen 2,400Wh, kuma sai an mayar musu da fiye da haka, kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari a sama. Faifan sola biyu masu wat 300, a rana mai kyau, da ƙyar su haɗa 2,200Wh bayan asara, ga kayan da ake kunnawa da rana, ga ƙurar hunturu. Batirin wannan gida ba a taɓa barinsa babu caji ba, amma kuma bai taɓa cika ba, kuma kason da ba ya cika ɗin yana daskarewa kamar na wanda aka manta da shi. Kuɗin disalfeta a irin wannan gida gara a tara shi a ƙara faifai, ko a rage kaya da dare, a kuma ba batura cikakken caji aƙalla sau ɗaya a sati.

Idan za a yi tafiya, a cika batir, a cire waya ɗaya daga kansa gaba ɗaya, ba kashe maɓallin inbata kawai ba, a ajiye shi a wuri mafi sanyi a gidan, a sa wani ya auna shi duk wata ya yi masa caji idan ya kusa 12.4V. Mataccen kuma a kai shi ga masu sayen tsofaffin batura yadda yake, da ruwansa da murafunsa. Kada a fasa shi a tsakar gida ko a narka dalmarsa a murhu. Abin da ƙurar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a ƙauyukan Zamfara a 2010 daga dutsen zinariya ya fito, amma dalmar da ke cikin lakar batir ita ce dai gubar, kuma yara ne suke fara ɗaukarta daga ƙasar da suke wasa a kai.